Aikin kuɗi da ba a cika lura da shi ba

Idan aka tambayi mutum mene ne kuɗi, yawanci sai ya nuna takardar da ke aljihunsa ko lambobin da ke cikin asusunsa na banki. Amma takardar ba ta da wani amfani a karan kanta, domin ba a cin ta, ba a kuma sa ta a jiki. Abin da ya mayar da ita kuɗi shi ne tabbacin da mai karɓarta yake da shi cewa gobe wani zai karɓe ta daga hannunsa ba tare da gardama ba. Saboda haka masana tattalin arziki suke bayyana kuɗi da ayyukansu guda uku: abin da ake biya da shi a wurin ciniki, ma'aunin da ake faɗin darajar kaya da shi, da kuma ma'ajiyar da ke riƙe daraja daga yau zuwa wani lokaci. A ganina, na biyun nan shi ne aka fi rainawa, alhali kuwa shi ne ya fi bayyana dalilin da cinikin ba ni gishiri in ba ka manda yake kasa ɗaukar kasuwa mai faɗi.

Matsalar da aka fi ambata game da musayar kaya da kaya ita ce haɗuwar bukatu biyu a lokaci ɗaya, wadda masanin nan ɗan Ingila, William Stanley Jevons, ya yi bayaninta a 1875. Manomin da ke da hatsi yana son takalmi, amma samun mai takalmi bai ishe shi ba, sai ya samu mai takalmin da ke bukatar hatsi a wannan ranar, kuma daidai gwargwadon da manomin zai iya bayarwa. Idan mai takalmin gatari yake so, dole manomin ya nemi maƙerin da zai karɓi hatsi, sannan ya dawo da gatarin yana fatan wani bai riga shi ba. Ga kuma kayan da ba sa rabuwa, domin mai saniya ba zai yanki ƙafarta ɗaya ya biya kuɗin aski ba.

Wannan duk gaskiya ne, sai dai ko da an yi sa'a bukatun sun haɗu, akwai sauran tambaya, wato nawa za a bayar a karɓi nawa. A kasuwar da babu ma'auni ɗaya, kowane kaya yana da farashi dabam a kan kowane kaya. Idan kaya iri 4 ne kawai, farashi 6 ake bukata, wanda kowa zai iya riƙewa a ka. Idan suka kai iri 100, sai a ninka 100 sau 99 a raba biyu, a samu farashi 4,950. Idan suka kai iri 1,000, adadin ya zama 499,500, alhali da kuɗi farashi 1,000 ne kacal, ɗaya ga kowane kaya. Ba nauyin haddacewa ne kaɗai abin damuwa ba. Mai sana'ar da ya sayi itace da hatsi, ya biya ma'aikaci da tufafi, ya kuma sayar da kujera a kan awaki, ba shi da hanya mai sauƙi ta sanin ko riba ya ci ko faɗuwa ya yi, tunda ba a tara awaki da tufafi a fitar da jimla ɗaya.

Misalin da ya fi gamsar da ni ya fito ne daga wani wuri da ba a zata ba. R. A. Radford, wani sojan Birtaniya da aka tsare a sansanin fursunonin yaƙi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya rubuta abin da ya gani a 1945. Ƙungiyar agaji ta Red Cross tana aiko wa kowane fursuna ƙunshi iri ɗaya, mai ɗauke da abubuwa kamar madarar gwangwani, sukari, cakulan da taba sigari. Da farko musaya kawai suke yi, wanda ba ya shan taba ya ba da tasa ya karɓi cakulan. Ba a daɗe ba sai aka fara faɗin farashin komai da karan sigari, har waɗanda ba sa sha suka riƙa karɓarta, domin sun san za su sayi abin da suke so da ita. Babu hukumar da ta ba da umarnin haka. Sigari ta yi nasara ne saboda tana da sauƙin ɗauka da ƙirgawa, kara ɗaya ya yi kama da ɗan'uwansa, kuma ba ta saurin lalacewa.

Sansanin ya kuma nuna raunin irin wannan kuɗi. Idan sabbin ƙunsoshi suka iso, sigari ta yawaita, sai farashin kaya ya tashi, idan kuma aka yi jinkiri mashaya suka zuƙe kuɗin da ke yawo, sai farashi ya faɗi, ciniki ya yi sanyi, a koma musayar kaya da kaya. Haka nan mutane sukan ɓoye sigari mai kyau don su sha, su riƙa biya da mara kyau, abin da aka daɗe da gani a zamanin tsabar azurfa, inda ake ajiye cikakkiya a kashe wadda aka rage wa nauyi.

Aiki na uku, wato ajiyar daraja, ba kuɗi kaɗai ke yin sa ba, kuma ba su ne gwanayensa ba, domin fili ko zinariya sukan fi su jure wa shekaru. Fifikon kuɗi shi ne ana iya kashe su nan take ba tare da an nemi mai saye ba. Mai kayan da ke ruɓewa cikin kwana biyu yana mayar da su kuɗi ne don ya raba ranar sayarwa da ranar saye, abin da musaya ba ta yarje masa.

Ayyukan nan uku ba sa mutuwa tare, kuma daga jerin mutuwarsu ake gane kuɗin da suka kama hanyar lalacewa. A Jamus a 1923, mutane sun fara daina ajiye mak, wato kuɗin ƙasar a lokacin, ma'aikaci yana karɓar albashi ya ruga ya saye kaya kafin farashi ya sake tashi. Daga nan 'yan kasuwa suka koma lissafi da dala ko da darajar zinariya, suna juya shi zuwa mak a lokacin biya kawai. Duk da haka an ci gaba da miƙa takardun hannu da hannu har zuwa watan Nuwamba, lokacin da dala ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2, manoma da dama kuwa sun riga sun ƙi karɓar takarda, sai dai a ba su kaya su ba da amfanin gona. A cikin watan ne aka fito da sabon kuɗi, wanda guda ɗayansa ya tsaya a madadin tsohon mak tiriliyan ɗaya.