Birkin Motar Alhaji

Ƙanwata za ta sauka a filin jirgi ranar Asabar da yara da akwatuna, ni kuma motata tana wurin bakanike tun ranar da ya ce min "gobe-gobe". Sai na tuna maƙwabcinmu Alhaji yana da wata mota da kullum take lulluɓe da tamfol, ba ta fita sai lokaci-lokaci. Na wanke fuska, na sa hula, na je na yi sallama.

Mun gaisa sosai, har da tambayar lafiyar waɗanda ban san sunansu ba, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Alhaji ya kalli motar, ya kalle ni, ya ja numfashi.

"Kai, Malam, ai da ba wani abu ba ne. Sai dai birkinta ne kwanan nan ba na gane masa."

Mai hankali a nan zai ce Allah ya sawwaƙe, ya miƙe. Ni kuwa Allah ya yi ni da son warware wa mutane matsala. Na ce ai wannan mai sauƙi ne, na san wani yaro da ke canja takalmin birki kafin a ƙifta ido, kuɗin ma ni zan biya. Alhaji ya ce madalla. Ya ɗan yi shiru, sai ya tuna cewa takardun motar ma kamar sun ƙare. Na ce a ba ni su in sabunta. Ya ce to, to, amma fa Hajiya tana iya buƙatarta ranar Asabar ɗin.

Ana cikin haka sai ga Hajiya ta fito za ta unguwa. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, ashe kuna da fita ranar Asabar?"

Ta ce, "Ni? Ina za ni?"

Alhaji ya shiga tari. Da tarin ya lafa ya ce, "Bari dai mu gani, Malam. Zan neme ka."

Na koma gida ina fara'a, na ce wa maiɗakina mota ta kusa samuwa, saura Alhaji ya gani. Ta ajiye abin da ke hannunta ta sa na maimaita mata hirar tiryan-tiryan. Da na gama ta tambaye ni ko ya ce ƙarfe nawa zan zo karɓar makulli. Na ce a'a. Ko ya tambayi wane ne zai tuƙa, ko yaushe za a dawo da ita? Bai tambaya ba. Ta ce to wanda zai ba ka abu, tambayoyi yake yi maka, domin ya riga ya fara tunanin yadda abin zai kasance. Wanda matsala ta gaske ta hana shi kuma, shi da kansa yake kawo mafita: Asabar ba za ta yiwu ba amma ga Lahadi, ko mota ba ta da lafiya amma ga lambar wani direba. In kuwa ka toshe uzuri ɗaya wani ya ɓullo, ka toshe shi wani ya sake ɓullowa, ba uzurin ne ke magana ba.

"Maigida, mutumin nan tun a birki ya ce maka a'a. Sauran duk wahalar da shi ka yi."

Na ce ita ba ta san Alhaji ba. Amma maganar ta tsaya min a rai, don haka da daddare na tura masa saƙo a waya, wai tuni kawai. Na ga alamar ya karanta. Na ga alamar yana rubutu. Rubutun ya tsaya, ya dawo, ya sake tsayawa. Can sai ga amsa: hoton babban yatsa guda ɗaya, babu ko harafi. Na juya wayar nan ta kowace fuska ina neman fassara. Yatsan na nufin "zo ka ɗauka" ne, ko "na ji, ka ƙyale ni"? Na rubuta dogon bayani a kan yadda nake tuƙi a hankali da yadda ban taɓa ko gogar bango ba, na tura, kunya ta kama ni, na goge. Sai wayar ta bar masa shaida cewa na goge saƙo, wanda ya fi saƙon kansa muni, domin yanzu zai zauna yana tunanin wane zagi na fasa.

Maiɗakina ta ce abin da ya rage guda ɗaya ne, in sake shi. In yi masa godiya, in nuna masa maganar ta wuce, kada in nemi dalili, kada in bar wata ƙofa irin ta "amma idan hali ya yi", domin wannan ƙofar ita ce za ta sa ya riƙa leƙe ta taga kafin ya fito daga gidansa. Ta ma faɗa min kalmomin: "Alhaji, na gode ƙwarai, kada ka damu da batun motar nan, Allah ya bar zumunci." Ta ce daga nan in ajiye waya.

Na rubuta haka ɗin. Sai na ga saƙon ya yi min tsirara, kamar na wanda aka kora. Girman kai ya ce in ɗan yi masa kwalliya, na ƙara da cewa, "Na ma samu wata motar, babba, wani abokina ya ba ni." Amsar Alhaji ta zo nan take, har da addu'o'i layi-layi. Ban taɓa ganin ya yi rubutu da sauri haka ba.

Ranar Asabar na fito da sassafe, na bi ta bayan layi don kada a gan ni a ƙasa, na tsaya bakin titi ina tsayar da motar haya. Duk wadda ta zo a cike take. Rana ta fara zafi, ƙanwata ta kira ta ce sun sauka. Ina cikin ɗaga hannu sai na hango wata mota tana tahowa da gudu, fes da ita, an cire mata tamfol. Na juya baya na dage da karatun wata sanarwa da ke manne a jikin falwaya, amma ina! Motar ta zo daidai inda nake ta tsaya cak, ko ƙara birkin bai yi ba.

Gilashi ya sauka. Alhaji ya kalle ni, na kalle shi.

"Malam, ina zuwa?"

"Filin jirgi, Alhaji."

"Shigo mana, hanyata ce."

Na shiga na zauna a ɗarare, na ɗaura bel. Muka yi tafiya mai nisa ba wanda ya ce uffan, sai rediyo ke ta surutunsa. A wata mahaɗa wani mai babur ya gitta mana, Alhaji ya taka birki, goshina ya kusa gaisawa da gilashi. Na gyara hulata na ce, "Ma sha Allah, an gyara ke nan."

Ya ce, "An ɗan taɓa shi." Ya yi gyaran murya. "Ita kuma babbar motar abokin naka fa?"

Na ce, "Wallahi Alhaji, birkinta ne ba a gane masa."

Ya gyaɗa kai cikin tausayawa, ya ce ai matsalar ta yi yawa a gari kwanan nan, ya ƙara wa rediyo murya.