Kafin ka zaɓi CC BY-NC-ND, karanta takarda ta biyu

Akwai kuskuren da nake yawan gani a wurin 'yan uwanmu masu bincike a nan Kumasi, kuma ya faru da wata ƙanwata da muka tashi tare a Aboabo. Ta yi nazari a kan yadda iyaye mata a Zango suke ajiye ruwan sha a gida, wata mujalla ta ƙasar waje ta karɓi maƙalar, shirin binciken da take ciki kuma ya biya kuɗin wallafa domin kowa ya karanta kyauta. A shafin ƙarshe na takardun wallafa aka ba ta zaɓi tsakanin CC BY da CC BY-NC-ND, lasisi biyu na Creative Commons da suke faɗa wa jama'a abin da za su iya yi da aikin da aka wallafa. Ta ɗauki na biyu, domin a ganinta ya fi tsaro: NC ya hana cin riba da aikin, ND kuma ya hana a sauya shi a rarraba.

Bayan wasu watanni wata ƙungiyar mata ta nemi a fassara maƙalar zuwa Hausa da Twi, a buga ta ƙaramin littafi, a raba a makarantun Islamiyya. A nan ne ta gane cewa a lasisin Creative Commons fassara sauyi ce, saboda haka ND ya hana ƙungiyar rarraba ta sai da izini. Ta ce mini, "Yaya, ai ni ce marubuciya, ni zan ba su izinin." Na ce ta buɗo yarjejeniyar da ta sa wa hannu mu karanta tare. A sakin layi na uku muka tarar ta ba mawallafin keɓaɓɓen iko a kan duk wani amfani na kasuwanci da duk wani sauyi, har da fassara. Sunanta yana nan a jikin haƙƙin mallaka, amma ikon cewa "na yarda" ya bar hannunta, sai da ta rubuta musu wasiƙa ta zauna jiran amsa a kan aikin da ta sha rana gida-gida ta tattara.

Takardu biyu ne, kuma yawancinmu ɗaya muke karantawa. Lasisi magana ce tsakanin mai haƙƙi da jama'a, yana faɗa musu abin da za su iya yi ba tare da sun tambaya ba. Yarjejeniyar wallafa kuwa tsakanin marubuci ce da mawallafi, ita ce take nuna wanda zai riƙe abin da lasisin bai saki ba. Lasisin da kansa ba ya ɗaure mai haƙƙi, sa hannun da ya yi ne yake ɗaure shi.

Shi ya sa nake ganin CC BY ya fi dacewa da mai binciken da yake son aikinsa ya koma ga mutanen da ya yi nazari a kansu. Kowa zai iya kwafa, ya fassara, har ya sayar, da sharaɗin ya ambaci marubucin, ya nuna lasisin, ya kuma bayyana cewa ya yi sauyi. Akwai abin da ake sadaukarwa, ba na ɓoyewa: wani zai iya yin gurguwar fassara, ko ya sa maƙalarka cikin littafin da zai sayar ba tare da ka ga ko sidi ɗaya ba, kuma lasisin ba ya janyuwa daga wanda ya riga ya samu aikin a ƙarƙashinsa. Mai rubuta littafin da yake sa ran samun kuɗi da shi yana da hujjar zaɓar NC, muddin ya tabbatar ikon kasuwancin ya zauna a hannunsa.

Wanda ba shi da kuɗin wallafa, wanda a manyan mujallu yakan haura dala 2,000, yana da wasu hanyoyi. Akwai mujallun da ba sa karɓar komai daga marubuci ko mai karatu, kuma DOAJ, kundin intanet na mujallun da ake karantawa kyauta, yana nuna kuɗi da lasisin kowace mujallar da ke cikinsa. Akwai kuma ajiye maƙala a rumbun jami'a, irin su KNUSTSpace ko UGSpace. Sai dai abin da mawallafa suka fi yarda a ajiye shi ne rubutunka na ƙarshe bayan gyaran masu tantancewa, ba wanda suka tsara da tambarinsu ba, wani lokaci ma sai bayan wata 12 ko 24. Wannan hanya tana ba mutane damar karantawa, amma idan ka miƙa haƙƙin mallaka gaba ɗaya, ba ta ba kowa izinin fassara.

Ƙanwata tana da wata maƙala a hannun masu tantancewa yanzu. Ta adana rubutunta na Word, ta kuma nemi editan ya turo mata yarjejeniyar tun kafin a karɓi aikin, domin ta ga wanda zai riƙe ikon fassara.