Kafin ka ƙirga kalmomin yabo, koya wa na'ura "ba ... ba"

Ɗan kasuwar Maraɗi da ke da masu saye a Jibiya da Katsina ya san irin saƙonnin da ke shigo masa: rabi Hausa, rabi Ingilishi. Idan sun yi yawa, hanya mafi araha ta rarrabe yabo da koke ita ce jerin kalmomi. A ba kowace kalma maki, kyau +2, banza -2, na'ura ta tara. A ganina hanyar tana da amfani, amma masu haɗa ta suna ɓata ƙarfinsu wajen tsawaita jerin, alhali ɓarnar tana wajen korewa, wato "ba ... ba".

Ga saƙo: "Takalmin is nice, amma bai yi ƙarko ba." Idan "nice" na da +2, ƙarko ma +2, jimla +4 ke nan. Mai saye na kuka, na'ura ta ce yabo ne. Gyaran ƙa'ida biyu ne. Duk kalmar da ta faɗo tsakanin "bai", "ban" ko "ba" na farko da kuma "ba" na rufewa, a juya makinta, ƙarko ya koma -2. Sannan abin da ya zo kafin "amma" a rage shi da rabi, domin hukuncin mai magana yana bayan "amma". Yanzu +1 da -2 sun ba da -1, saƙon ya faɗa cikin koke.

Dole a nemi "ba" na rufewa, ba na farko kaɗai ba. Kayan aikin Ingilishi irin su VADER suna duba kalmomi uku da suka gabaci kalma ne don neman korewa. Aka kwafo wannan kai tsaye, "abin ban sha'awa ne" zai zama zagi, tunda na'ura ba ta bambanta wannan ban da na "ban gani ba". Ƙari a kan haka, jerin AFINN na Ingilishi ya ba "ban" maki -2 da ma'anar haramtawa. Gara a cire ta daga ɓangaren Ingilishi gaba ɗaya.

Ko da haka akwai inda ƙa'idar ke faɗuwa. "Ba ƙaramin kyau ya yi ba" yabo ne mai ƙarfi, amma juyawar za ta mai da shi suka, sai an rubuta "ba ƙaramin" a matsayin togiya. Gatse kuwa, irin "sannu da ƙoƙari" ga wanda ya makara da kaya, babu jerin da zai kamo shi.

Shi ya sa ban yarda da makin da ba a gwada ba. A ɗebo saƙonni 200, mutum biyu su yi musu alama kowa shi kaɗai, a kwatanta da na na'ura, a karanta duk inda suka saɓa. Tarin bayanai na NaijaSenti na 2022 yana da rubuce-rubucen Twitter na Hausa da aka yi wa alama da hannu, amma na Najeriya ne. Mutumin Maraɗi zai sako "merci" ko "trop cher" a tsakiyar saƙo, kuma waɗannan sai ka ƙara su da kanka.