Kuɗi sun bar Jidda, sun maƙale a hanyar Katsina

Ƙanina ya turo wa Hajiyarmu naira 420,000 daga Jidda, kuɗin magani. A wayarsa an rubuta Completed, a asusunta kuwa ko sisi. Na ɗauki hoton rasit ɗin na nufi banki, na sha layi tun hantsi har azahar.

Da na iso gaban yarinyar da ke kula da abokan ciniki na yi sallama, ba ta amsa ba. Na miƙa mata waya na ce, "'Yata, taimaka ki duba mana wannan lambar." Da farce ta turo min wayar baya, idonta na kan kwamfuta. "Baba, wannan ba lambarmu ba ce." Na ce to wacce ce taku? Ta ja tsaki ta ce, "Ku koma wajen wanda ya turo." Na ce mai turowar yana Saudiyya, mai kuɗin kuma tana kwance. Sai ta ɗaga kai, ta kira na bayana. Wallahi na haifi kamarta.

Abin da ya fi ƙona min rai, amsar ba ta fi jimla biyu ba, kuma ta san ta. Wani mai POS a Ƙofar Ƙaura ne ya warware min. Lambar da ke kan rasit ta kamfanin da aka turo ta hannunsa ce, bankinka ba ya ganin ta. Kamfanin yakan miƙa kuɗin ga abokin hulɗarsa a Najeriya, shi kuma ya tura naira ta NIBSS, wato kamfanin da bankunan Najeriya ke bi ta kansa wajen tura wa juna kuɗi. Wannan turawa ta ƙarshe tana da nata lambar mai suna Session ID, alƙaluma 30. Mai turowa zai ba kamfanin lambar rasit ya nemi wannan, kai kuma ita za ka kai banki.

Da ƙanina ya samo ta, nan take aka gano. Asusun Hajiya na matakin farko ne, wanda ba ya riƙe fiye da naira 300,000, shi ya sa kuɗin suka ƙi shiga suka koma hannun abokin hulɗar. Babu wanda ya kira mu, babu ko saƙo. Yanzu sai an ɗaga matakin asusun, sannan kamfanin ya sake turowa.

Ina Babban Bankin Najeriya? Tsarinsa ya ce ka kai ƙorafi bankinka, ka karɓi lambar ƙorafin, in mako biyu suka wuce shiru ka rubuta zuwa cpd@cbn.gov.ng. Mai ciwon suga ce za ta jira mako biyu? Yaranmu na can suna shan rana a ƙasar mutane, gwamnati na alfahari da kuɗin da suke aikowa, amma ta kasa tilasta a buga Session ID a kan kowane rasit. Tsohuwar da ta taso daga Batsari ko Mai'aduwa da kuɗin mota na aro, wa zai gaya mata wace lamba za ta nema?