Raunina shi ne son aiki

Fom ɗin auna kai da Hajiya ta raba mana shafi biyu ne kacal, ta ce kowa ya cike kafin ya zauna da Manaja ranar Laraba. Ni sai daren Talata na tuna da shi, ba wuta a Mabera, zafi kamar ana gasa mutum. Na kira wani abokin aikina, mutumin Bodinga, ya ce in kwantar da hankalina, wurin rauni in rubuta cewa son aiki ya yi mini yawa har ba na hutawa. Shi ma haka ya sa. Na rubuta, na kwanta.

Abin da bai faɗa mini ba, mutum uku ya ba wannan amsar, shi ne na huɗu.

Da na shiga, Manaja ya jera fom huɗun a kan tebur kamar mai tallar goro. Ya ɗauki nawa ya karanta da ƙarfi, a hankali, yana tsayawa bayan kowace kalma. Ya ce, "Malam, ashe wanga ciwo annoba na. Ku huɗu ya kama, har da wanda ke barci bisa buhunan shinkafa." Na ce ranka shi daɗe, wataƙila dacewa aka yi. Ya ce har kuskuren rubutun ma dacewa ce? Duk mun bar harafi ɗaya a wuri ɗaya.

A daidai nan Baba masinja ya shigo da shayi. Ajiye kofi ai ba ya ɗaukar minti ɗaya, amma bawan Allah ya tsaya goge tebur ɗin da ya riga ya goge da safe. Wannan Baba, ni na ba shi aron dubu biyar da Sallar layya, har yau idan mun haɗu lafiyar yara kawai yake tambaya. Shi ne ya tsaya yana gyara labule, kafaɗunsa na rawa.

Manaja ya ce in karanta tambayar da bakina. Sai a lokacin na lura ba a ce "mene ne rauninka" ba. An ce: wane abu ne ya lalace a hannunka fiye da sau ɗaya a bana, wa abin ya shafa, kuma me ka fara yi a kai? An gina ta ne yadda ba za ka amsa da halin kirki ba, dole ka kawo abin da ya faru, da rana da adadi. Na yi shiru. Ya buɗe fayil. Rahoton kayan sito da ake so ranar 5 ga kowane wata, a cikin wata 12 sau 7 na makara. Wa ya shafa? Akawu, wanda ba ya iya rufe lissafinsa sai nawa ya iso. Dalili? Nan na yi ta kame-kame, na ambaci wuta, na ambaci intanet. Ya ce waɗannan ba a hannuna suke ba, in faɗi wanda ke hannuna. Na ce takardun shigar kaya nake tarawa a durowa sai ƙarshen wata in zauna da su gaba ɗaya. Ya ce to wannan shi ne amsar, layi biyu, na uku kuma abin da zan yi: in riƙa shigar da na kowace rana kafin la'asar, a duba bayan wata uku.

Abin da ya fi ƙona mini rai ma shafin farko ne. Wurin nasara na rubuta "na yi aiki tuƙuru bisa amana." Tambayar kuwa kashi uku ce: yaya abin yake da, me kai da kanka ka yi, me ya canza da za a iya ƙirgawa. Kuma ina da abin faɗa! Ni na sake jera sito yadda kayan da wa'adinsu ya kusa ƙarewa ke fara fita, katan ɗin da suka lalace suka sauko daga 31 bara zuwa 6 bana. Ban rubuta ba, don gani nake yabon kai jahilci ne. Manaja ya ce adadi ba yabo ba ne, kuma da ya tafi hutu wani ya zauna da ni, da ba wanda zai san na yi. Ya miƙo mini sabon fom.

Kafin in isa bakin ƙofa labari ya riga ni. Mai kabu-kabun da ke jirana ya ce, "Mai son aiki, gida muka nufa ko sito za ka kwana?" Mutumin Bodinga kuwa ya ce shi ma a wurin wani ya ji, wai a Kano amsar tana ci. Dubu biyar ɗina dai har yanzu shiru.