Yawan Masu Cuta Ba Shi Ne Saurin Yaɗuwarta Ba

Ɗalibai da yawa suna ɗauka cewa idan adadin masu fama da wata cuta ya ƙaru, lallai sababbin kamuwa ne suka ƙaru. Da ganin farko zaton yana da ma'ana, amma kuskure ne da ke kayar da mutane a jarrabawa.

Adadin masu cuta ya dogara ne kan sababbin kamuwa da kuma tsawon lokacin da cutar ke ɗauka a jiki. A ce mutum 10 ke kamuwa duk shekara, kowannensu yana rayuwa da ita shekara 2, za a samu kusan mutum 20. Idan magani ya tsawaita rayuwarsu zuwa shekara 8 ba tare da warkarwa ba, adadin zai kai 80, alhali masu kamuwa duk shekara suna nan 10.