Don Allah ku daina buɗe PowerPoint ba ku san me za ku faɗa ba

Wallahi abin nan ya ishe ni. Mutum zai tara jama'a cikin zafi, an sayi man janareta an yi hayar majigi, sai ya buɗe laftof ya kama karanta mana silaid ɗaya bayan ɗaya, tarihin ƙungiya, manufofi, hotunan ziyarar shugabanni, wani jadawali da ƙananan rubutu ko na layin gaba ba ya gani, a tashi ka tambayi na kusa da kai wai me aka ce mu yi? ya ce oho.

Haka sakataren ƙungiyarmu ta manoma ya yi mana. Abu ɗaya tak ya kawo mu, a haɗa kuɗin taki kafin ƙarshen Afrilu a sayi kamfa da yuriya a sari, don in ruwa ya sauka kowa na nema farashi tashi yake. Shi ke nan fa maganar. Amma ina ya sa ta? Can wajen ƙarshe, bayan an kira azahar rabin mutane sun fita alwala, dattawan da ke riƙe da kuɗin ma sun tafi. Ba a yanke komai ba, sai wani zaman kuma, wani kuɗin man.

Kuma na san yadda aka yi. Ya buɗe manhajar ya ga akwati na cewa "Click to add title" sai ya rubuta "Rahoton Ƙungiya", to daga nan komai ya samu ƙofar shiga tunda komai rahoto ne. Malam wannan kan magana ne kawai, ba saƙo ba ne, saƙo sai da abin da kake so a yi da dalilinsa da ranar da za a yi shi.

Ɗauki biro da takarda tukuna. Su wa za su zauna gabanka, me kake so su yi in sun tashi, ka rubuta a jimla ɗaya. Karanta wa wanda bai san zancen ba, in ya kasa maimaita maka to ba ka gama ba. In ka ga "da kuma" ta fito sau biyu sau uku, saƙonni ne ka cusa wuri ɗaya, zaɓi guda sauran su jira wani taron. Sai bayan nan ka taɓa laftof, duk silaid ɗin da ba ya taimakon jimlar nan ka goge ko ka kwana kana masa ado. Da sakatare ya yi haka uku sun ishe shi, farashin buhu yanzu, farashinsa a daminar bara, sai nawa kowa zai kawo da wa zai karɓa.

Kuma mu nan da NEPA ke ɗauke wuta ba sallama, majigi ya mutu ka tsaya kana "bari a kawo wuta"? Faɗi maganarka da baki mana, in ka san ta.